Watannin gyara da iyakar ƙarin haya: fashin baƙi kan imel ɗin mai neman shago

A farkon shekarar 2025 ƙanwata ta samu shago a wata sabuwar filaza da ke kan titin Gidan Zoo a Kano, tana so ta buɗe wurin sayar da turare da kayan kwalliya. Da na je dubawa, ba shago na tarar ba, kango ne mai ƙofa. Bango an yi masa filasta amma ba fenti, ƙasa siminti ne tsura, wayoyin wuta sun leƙo daga bango an naɗe bakinsu da baƙin salatif, sama kuwa kana hango kwano da katakon rufi. Kuɗin haya naira miliyan 3 a shekara, a biya gaba ɗaya kafin a ba da makulli, ban da kuɗin dillali da na lauya. Mai aikin da ta kira ya zagaya da awonsa, ya ce tayil da silin da wayarin da kantoci da gilashin gaba da na'urar sanyaya ɗaki za su ci kusan naira miliyan 4 da rabi, kuma aikin ba zai kasa mako goma ba.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne makonni goman nan. Ta ce, "Yaya, yanzu sai in biya hayar wata uku ina kallon masu tayil suna kwaɓa siminti?" Tana da gaskiya. Amma da muka zauna da biro da takarda, sai muka ga cewa wannan ƙaramar magana ce. Babbar ita ce wadda ba ta tambaya ba: nawa za a ce ta biya a shekara ta biyu?

Ranar da mai haya ya zuba miliyan 4 da rabi a bangon wani, ƙarfinsa na ciniki ya ƙare. Tayil ba ya ciruwa ya bi ka, silin ma haka. Mai gini ya san wannan sarai, shi ya sa idan shekara ta zagayo ya turo takardar ƙari, ba ya tsoron ka tashi, domin tashin ya fi ƙarin ciwo. Lokaci ɗaya tak mai haya yake da bakin magana, shi ne lokacin da kuɗinsa ke aljihunsa, shagon kuma yana rufe ba ya kawo wa mai shi ko sisi. Saboda haka muka shirya cewa kafin ta tura ko kwabo, za ta rubuta wa manajan ginin imel. Ga abin da ta aika, bayan mun goge mun sake har sau uku:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Na gode da ka zagaya da ni shago mai lamba 7 ranar Talata. Ina son shagon, kuma na amince da naira 3,000,000 a shekara. A shirye nake in biya hayar shekarar farko a ranar da za mu sa hannu, in kuma ɗauki shagon na shekara uku, da zaɓin ƙara shekara biyu a kan sharuɗɗan nan.

Shagon yana buƙatar tayil, silin, wayarin, fenti da gilashin gaba. Na haɗo da lissafin mai aiki, naira 4,500,000, mako goma. Ni zan biya, kuma tayil da silin da wayarin za su zauna wa ginin idan na tashi. Ina roƙon a fara ƙirga haya bayan wata uku daga ranar da aka miƙa mini shagon da makulli, da mita tana aiki, da rufin da ba ya yoyo.

Na biyu, ina roƙon kada a sake duba haya fiye da sau ɗaya a shekara, kuma duk ƙarin da za a yi kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na hayar shekarar da ta gabata, da sanarwa a rubuce wata uku kafin lokacin.

Wannan tayi ne na tattaunawa, ba zai ɗaure kowa ba sai mun sa hannu a yarjejeniya. Zan yi farin ciki da jin amsarka kafin Juma'a mai zuwa. A gaishe da Alhaji. Allah ya ƙara girma."

Duk wanda ya karanta zai ga ba ta yi kukan talauci ba, ba ta ce kasuwa ba ta tafiya ba. Da gangan ne. Manaja ba shi ne mai gini ba, ɗan saƙo ne da zai ɗauki maganar ya kai wa Alhaji, kuma abin da yake buƙata shi ne hujjar da zai faɗa a cikin minti biyu ba tare da ya zama kamar yana yi wa 'yar haya lauya ba. Shi ya sa farkon imel ɗin ya ƙunshi abin da Alhaji zai samu: ba a taɓa farashinsa ba, kuɗi a hannu, shekara uku ba zaman shago a rufe, ga kuma gyaran miliyoyi da zai gada. Sai bayan an shimfiɗa wannan aka kawo roƙo.

Mu ɗauki maganar watannin gyara. Mutane na cewa "wata uku kyauta", kuma kalmar kyauta ce ke fara ɓata cinikin, don babu mai gini da ke son a ce ya ba da kyauta, gobe sauran 'yan haya su yi layi. A ƙasar da ake biyan hayar shekara tun kafin a shiga, ba wani kuɗi da ake mayar wa mai haya. Abin da ake yi shi ne raba rana biyu da aka saba haɗewa: ranar karɓar makulli da ranar da haya ta fara ƙirguwa. Za ta biya miliyan 3 ɗinta cif, sai dai shekararta ta farko ta ƙare bayan wata goma sha biyar maimakon goma sha biyu. A kuɗi, wata ɗaya naira 250,000 ne, uku kuma 750,000.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne daga yaushe ake fara ƙirga watannin. Idan aka rubuta "daga ranar sa hannu" ko "daga 1 ga Maris", to duk jinkirin mai gini a kan mai haya zai faɗa. Ka sa hannu, ka biya, sai a ce makulli na wurin wani da ya yi tafiya, ko mita ba ta iso ba, ko ruwan farko ya sauka a ga rufi na ɗiga a daidai inda za a yi silin. Watannin na tafiya, masu aiki na zaune. Shi ya sa imel ɗin bai ambaci kwanan wata ba, ya ɗaure ƙirgen da abubuwa uku da ido ke iya gani: makulli, mita, rufi. A ranar miƙawa kuma ana rubuta gajeriyar takarda, ɓangarorin biyu su sa hannu, a ɗauki hoton lambar da mita ke nunawa. Wannan takardar ce ke tsayar da ranar, kuma ita ake liƙawa a jikin yarjejeniya don kada ranar fara haya ta zama abin musu.

Akwai wata tambaya da imel ɗin farko bai yi ba, lauya ne ya tuna mana: a cikin watannin gyara, kuɗin hidimar gini fa? Filaza irin wannan na karɓar kuɗin mai gadi da shara da man janareta dabam da haya. Yawanci mai gini ba ya yafe wannan, kuma ni ban ga laifinsa ba, tunda masu aikinka za su sha wutarsa, su tara masa ɓaraguzai. Abin da ya kamata shi ne a faɗi adadin a rubuce, kada a wayi gari a kawo maka bil ɗin wata uku a rana ɗaya kana tsakiyar sayen kaya.

Amsar manaja ta zo bayan kwana huɗu, kuma ta zo da wayo. Ya ce Alhaji ya amince da wata uku, amma hayar za ta koma naira 3,250,000, batun ƙari kuma a bar shi "yadda kasuwa ta kama". Ƙanwata ta kira ni tana murna, ta ce an ƙara 250,000 an ba ta 750,000, ai ta ci riba. Na ce ta dakata mu yi lissafi. Ƙarin 250,000 ɗin ba na shekara ɗaya ba ne, ya shiga tushen hayar, kuma duk wani ƙari na gaba a kansa za a ɗora. Ko da ba a sake ƙara komai ba, a shekara biyar ya zama 1,250,000. Idan kuwa ana ƙarin kashi 15 duk shekara, zai kai kusan naira miliyan 1 da dubu 685. Wato ta karɓi 750,000 sau ɗaya, ta biya fiye da ninki biyunsa a hankali. Duk lokacin da aka ba ka watannin gyara cikin sauƙi, duba ko an taɓa tushen hayar.

Yanzu ga inda kuɗin gaske yake. Maƙwabtan da muka tambaya a wasu filazozin layin sun ce ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu a shekara ba baƙon abu ba ne a wurinsu, don haka muka ɗauki kashi 25 a matsayin abin da "yadda kasuwa ta kama" zai iya nufi. Da wannan, hayar miliyan 3 za ta zama 3,750,000 a shekara ta biyu, 4,687,500 a ta uku, ta haura miliyan 7 da dubu 300 a ta biyar. Jimillar shekara biyar ta kai kusan miliyan 24 da dubu 620. Da iyakar kashi 10 kuwa, shekara ta biyar 4,392,300 ce, jimilla kuma miliyan 18 da dubu 315. Tazarar ta wuce naira miliyan 6 da dubu 300, fiye da ninki takwas na watanni ukun da take ta fafutuka a kai. Da ta ga lambobin nan a takarda sai ta yi shiru, ta ce, "Ashe ina gadin kaza an kwance saniya."

Sai dai a yi wa mai gini adalci. Kashi 10 a wancan lokacin roƙo ne mai nauyi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira. Wanda ya ɗaure kansa da kashi 10 a irin wannan yanayi ya amince kenan hayarsa ta riƙa ramewa duk shekara, siminti da fenti da albashin mai gadi kuwa ba sa jiran yarjejeniyarsa. Mun san ba za a karɓa ba, mun sa shi ne don a samu wurin haɗuwa. Na fi ganin hikima a nemi iyakar da mai gini zai iya rayuwa da ita, domin wanda aka matse da yawa ba ya rasa hanyar da zai fanshe, ko ta kuɗin hidima ko ta ƙin gyaran rufi.

A amsarsa ta biyu manaja ya kawo shawarar a ɗaure ƙarin da alƙaluman hauhawar farashi na gwamnati. A kunne abin ya yi daɗi, kamar babu mai cutuwa. Amma a daidai watannin ne hukumar ta sauya shekarar da take auna farashi da ita, sai alƙaluman Janairun 2025 suka fito kashi 24.48, ƙasa da na Disamba da fiye da maki goma, ba don kaya sun yi sauƙi dare ɗaya ba. Wanda ya rataya hayarsa a wannan ma'auni ya rataya ta ne a abin da shi da mai gini duk ba su da iko da shi. Idan dole sai an yi amfani da shi, a rubuta cewa za a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin alƙaluman hukumar da wani kaso da aka yanke, a kuma faɗi na wane wata ake nufi. Mu dai mun ce a bar shi, a yanke kaso kawai. Wani malami da muke sallah tare ma ya ƙara mana hujja: a fiƙihun ijara, sharaɗi ne kuɗin haya da tsawon lokacinta su zama sanannu ga ɓangarorin biyu, kuma "yadda kasuwa ta kama" ba adadi ba ne. Wannan maganar ta shiga kunnen Alhaji fiye da duk lissafinmu.

Ko an yarda da kaso, kalmomin da aka rubuta shi da su kuɗi ne. "Za a ƙara kashi 15 duk shekara" dabam yake da "ƙari ba zai wuce kashi 15 ba". Na farko ƙari ne na dole, ko kasuwa ta mutu, ko rabin shagunan filazar sun zama kango. Na biyu rufi ne, ana iya tsayawa ƙasa da shi, kuma yana bar wa mai haya damar idan shekara ta zagayo ya ce bana a yi takwas. Sannan kashi 15 na me? Idan na hayar shekarar da ta gabata ne, ƙari na hawa kan ƙari, jimillar shekara biyar ta zama kusan miliyan 20 da dubu 227. Idan na hayar farko ne, wato 450,000 kowace shekara ba canji, jimillar miliyan 19 da rabi ce. Bambancin kusan naira 727,000, daf da darajar watanni ukun gyara, kuma 'yan kalmomi ne kawai suka raba su. Da na san haka tun farko, da a imel ɗin farko "na hayar farko" muka rubuta, mu bar wa manaja ya nemi ɗayan.

Iyakar ƙari kuma ba ta da amfani idan ba a haɗa ta da tsawon zama ba. Mai haya na shekara-shekara ana iya ba shi takardar tashi. A dokokin Legas da Abuja, alal misali, sanarwar wata shida ce ga irinsa idan ba a yi wata yarjejeniya dabam ba. Mai ginin da iyakar ta dame shi ba sai ya karya ta ba, sai kawai ya ƙi sabuntawa, ya ba wani shagon da tayil ɗinka da silin ɗinka a sabon farashi. Shi ya sa aka nemi shekara uku tsayayyu, da zaɓin ƙarin biyu wanda ke hannun mai haya, kuma aka rubuta ƙarara cewa iyakar ta shafi shekarun zaɓin. Idan aka bar hayar shekara ta huɗu a "za a tattauna", zaɓin ya zama suna kawai. Lauya ne ya ba da shawarar a tsaya a uku, saboda hayar da ta wuce shekara uku na buƙatar takarda mai hatimi da ƙarin matakai da kashe kuɗi a ofishin filaye.

Saura jimlar da ke sakin layi na ƙarshe na imel ɗin, wadda ta ce ba wanda ya ɗauru sai an sa hannu. Lauyoyi kan rubuta ta a saman takarda da kalmomi uku, subject to contract, kuma wuƙa ce mai baki biyu. Tana kare mai haya kada a riƙe shi da wata magana da ya yi a tsakiyar ciniki, tunda sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar saƙon kwamfuta a kotu. Amma tana nufin cewa "mun amince" ɗin manaja ma bai ɗaure Alhaji ba. A 1988 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar bankin UBA da kamfanin Tejumola, kan wani gini a Legas. An yi ta musayar wasiƙu kan haya, masu ginin suka kashe kuɗi suna yi masa gyare-gyare don ya dace da buƙatar bankin, daga baya bankin ya janye. Kotu ta ce babu yarjejeniyar haya da aka ƙulla, domin magana ba ta wuce tattaunawa ba, kuma ba a tsayar da ranar da hayar za ta fara ba. A can mai gini ne ya yi asara, amma ga mai haya darasin ya fi zafi, don shi a bangon wani yake kashe nasa. Na hana ƙanwata sauke ko kwali ɗaya na tayil a shagon kafin a sa hannu, duk da manaja ya ce ta fara kawai, ai an zama ɗaya.

An yi imel shida, da zama ɗaya a falon Alhaji, inda aka sha shayi aka yi maganar komai ban da haya har sai da aka kusa tashi. Abin da aka tsaya a kai: haya ta zauna a miliyan 3, watannin gyara biyu maimakon uku, ƙari ba zai wuce kashi 15 na hayar shekarar da ta gabata ba, shekara uku da zaɓin biyu. Alhaji ya sa nasa sharaɗin, cewa idan ta tashi da kanta kafin shekara ukun su cika, za ta biya shi naira 500,000 na watanni biyun. Mun karɓa ba musu, domin ya ba da watannin ne saboda dogon zama. Ta saki wata ɗaya, naira 250,000, ta kama iyakar da, idan aka gwada ta da ƙarin kashi 25, za ta iya tsare mata kusan miliyan 4 da dubu 390 a shekara biyar.

Mita ta makara da kwana goma sha tara, kuma saboda yadda aka rubuta sharaɗin, ranar fara haya ta matsa da kwana goma sha tara ba tare da an yi cacar baki ba. Aikin kuwa ya ci mako goma sha ɗaya, saboda mai gilashi ya yanko na gaba ba daidai ba sai da aka sake, don haka ta biya hayar kusan mako biyu da rabi shago na rufe. Abin da ya kuɓuce mana shi ne kuɗin hidima. An rubuta adadinsa, naira 30,000 a wata, amma ba a sa masa iyaka ba, kuma ba a ce sai an nuna rasit ɗin man janareta kafin a ƙara ba. A wata na bakwai takarda ta zagaya duk shagunan filazar cewa ya koma 55,000. Ƙarin naira 300,000 kenan a shekara, daidai da kashi 10 na hayarta, kuma babu layi ɗaya a yarjejeniyar da za ta nuna wa manaja.